Yadda Ake Gano Fim Ɗin da Sunansa Ya Ɓace Maka: Daga Guntun Tuni Zuwa Cikakken Suna

Ƙanwata ce ta kira ni wata rana, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, “Yaya, don Allah wani fim nake nema, sunan ya ƙi zo mini. Wani mutum ne da rubutu a duk jikinsa, yana ta ɗaukar hotunan mutane, kuma komai aka gaya masa sai ya manta.” Na tambaye ta yaushe ta kalla. Ta ce da daɗewa. Wane ne jarumin? Ta ce tana jin Aamir Khan ne. Da wannan muka fara, kuma da labarin nata zan bi da kai matakan, domin kusan duk ramin da mai irin wannan nema yake faɗawa sai da muka leƙa shi.

Abin da ya kamata ka sani tun farko shi ne, tuninka ba faifan bidiyo ba ne. Ya fi kama da mai ba da shaida wanda ya ga abu da idonsa, amma shekaru sun sa ya cakuɗa abin da ya gani da abin da ya ji ana faɗa. Ba za ka kore shi ba, tunda shi kaɗai gare ka, amma kuma ba duk maganarsa za ka ɗauka ba. Yawancin masu neman fim suna kasawa ne don sun zuba wa injin bincike duk abin da ke kansu a jimla ɗaya, gaskiya da kuskure a haɗe, kuskuren ya ja su wata hanya.

Ka rubuta kafin ka taɓa waya

Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ka tuna, ko da ka ga kamar shirme ne. Dalilin yin haka kafin bincike shi ne, da zarar ka fara ganin hotuna da labaran wasu finafinai, za su fara shiga cikin tuninka. Bayan minti ashirin ba za ka iya rantsewa ko jar motar nan daga fim ɗinka take ba, ko daga fastar da ka gani yanzu. Abin da ka rubuta tun farko shi ne shaidar da ba a taɓa ba.

Sai ka raba abin da ka rubuta gida biyu. Gida na farko, abubuwan da idonka ya gani ƙarara, waɗanda ba a kowane fim ake samunsu ba: wani kaya na daban, wata sana’a, wata irin mutuwa, wani wuri da ba a saba gani ba. Gida na biyu, abubuwan da kake zato: sunan jarumi, shekarar fitowar fim, ƙasar da aka yi shi, kalmomin da wani ya furta. Abin mamaki, na gida na biyun su ne mutane suka fi riƙewa da ƙarfi, kuma su ne suka fi yin ƙarya. Fuskar ɗan wasan da bai shahara ba takan goge a kai, ƙwaƙwalwa ta cike gurbin da fuskar wani shahararre mai kama da shi. Amma abu irin “yana ɗaukar hoto ya fito nan take, ya yi rubutu a jikinsa” da wuya mutum ya ƙirƙiro shi.

Ga yadda takardar ƙanwata ta kasance. A gida na farko akwai rubutu a jikin jarumi, kyamara mai fitar da hoto nan take, mantuwa bayan ɗan lokaci kaɗan, askakken kai mai tabo, waƙoƙi da rawa, da wata yarinya mai fitowa a tallace-tallace da ta yi ƙaryar cewa mai wani babban kamfanin waya saurayinta ne alhali ba ta taɓa ganinsa ba. Akwai kuma wani abu da ta faɗa a ƙarshe, kamar ba ta ɗauke shi da muhimmanci ba: “Kamar mugun su biyu ne, masu kama ɗaya.” A gida na biyu muka sa Aamir Khan.

Daga gida na farko ka cire abu ɗaya ka ajiye, kada ka yi bincike da shi ko sau ɗaya. Da shi za ka gwada duk fim ɗin da ka samo. Idan ka nema da duk abin da ka tuna, duk amsar da ta fito za ta yi daidai da su, tunda da su ka nemo ta, kuma ba ka da sauran ma’auni. Mu mun ajiye maganar miyagu biyu masu kama ɗaya.

Shekara: ka tambayi rayuwarka, ba fim ɗin ba

Kada ka tambayi kanka yaushe fim ɗin ya fito, ba za ka sani ba. Ka tambayi kanka yaushe ka kalle shi, kuma kada ka nemi lamba kai tsaye. Ka tuna a wane ɗaki kake, da wa kuka kalla, a kan me, kaset ne ko faifai ko tashar talabijin ko waya, kana wane aji ko wane aiki. Waɗannan sukan ba da shekara da kuskuren da bai wuce ɗaya ko biyu ba. Wannan shekarar ita ce rufin nemanka: fim ɗin ba zai yiwu ya fito bayanta ba, amma yana iya girme ta da shekara ashirin.

Ƙasan kuma daga cikin fim ɗin ake samo shi. Idan jarumi yana riƙe da wayar hannu ƙarama mai madannai, ka san ba fim ɗin shekarun 1980 ba ne. Idan yana shafa allon waya da yatsa, da wuya ya girme 2007, shekarar da iPhone ta fara fitowa. Idan an nuna birnin New York da tagwayen dogayen benayen nan a tsaye, mai yiwuwa an ɗauke shi kafin Satumban 2001. Sai dai ka lura, fim ɗin da aka shirya kan wani zamani da ya wuce zai yaudare ka a nan, domin kayan cikinsa na zamanin labarin ne, ba na zamanin ɗauka ba.

Da na matsa wa ƙanwata, sai ta tuna cewa a hutun da ta gama sakandare ta kalla, a faifai, da fassara a rubuce a ƙasan allo. Ta gama a 2007. Muka rubuta 2007 a saman takarda, muka ja layi a ƙarƙashi.

Ka rubuta kamar mai taƙaita labari, ba kamar mai kallo ba

A nan ne aikin yake, kuma a nan zan fi daɗewa. Injin bincike ba ya kallon fim. Rubutun da mutane suka yi a kan fim yake karantawa: taƙaitaccen labari a Wikipedia, bayanan IMDb, wato shafin da ke tattara bayanan finafinai, da sharhin ’yan jarida. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, wanda ya zauna ya taƙaita labarin nan a sakin layi huɗu, da waɗanne kalmomi zai faɗi abin da na tuna? Kai ka tuna “wani mutum mai ban tausayi da yake ta mantuwa”. Mai taƙaitawa ba zai rubuta ban tausayi ba, sunan ciwon zai rubuta. Kai ka tuna “kyamarar nan mai tofo hoto”. Shi sunan kyamarar zai sa, Polaroid. Duk abin da ya shafi yadda ka ji, tsoro ko dariya ko kuka, ka bar shi. Sunayen abubuwa da ayyuka kawai za ka ɗauka.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ba ta da daɗi amma haka take: mafi yawan waɗannan bayanai da Turanci aka rubuta su, har na finafinan Indiya da Koriya da Sin. Ba sai ka iya haɗa jimla mai kyau ba. ’Yan kalmomi kaɗan sun isa, kuma ƙamus ko manhajar fassara za su ba ka su. Ga abin da muka fara bugawa:

```
movie man tattoos polaroid photos short term memory loss
```

Amsar farko da ta cika shafi ita ce Memento, fim ɗin Christopher Nolan na 2000, wanda Guy Pearce ya ja. Rubutu a jiki akwai, hotunan Polaroid akwai, mantuwa akwai, ramuwar gayya akwai. Wanda bai rubuta takarda ba, a nan zai tsaya ya ce ya samu, ya je ya kalla ya yi ta mamakin yadda fim ɗin ya canza masa. Mu da muka duba takarda sai muka ga babu waƙa a Memento, jarumin ba askakken kai gare shi ba, kuma labarin daga ƙarshe yake tafiya zuwa farko, da wasu wurare marasa launi a tsakani, abin da duk wanda ya kalla zai fara ambata. Ƙanwata ba ta ambace shi ba.

Idan wani shahararren fim ya tare maka hanya haka, ka kore shi da alamar ɗebewa. Ana liƙa ta ne a jikin kalmar, babu tazara a tsakaninsu. Idan ka bar tazara, injin zai yi kamar bai gan ta ba.

```
film tattoos polaroid memory loss revenge songs Indian -Memento
```

Sai dai wannan dabara tana da nata lahani, kuma ya kamata ka san shi. Alamar ɗebewa tana kore duk shafin da kalmar ta fito a ciki. Idan fim ɗin da kake nema an yi shi ne bisa wancan shahararren, kusan duk shafin da ya yi maganarsa zai ambaci wancan, ka ga ka kori abin da kake nema da hannunka. Shi ya sa na fi son a fara da ƙara kalmar da ta bambanta su, kamar ƙasa ko waƙa ko sana’ar jaruma, sai in abin ya ƙi a koma ga ɗebewa. A namu neman, ƙara `Indian` kaɗai ya wadatar: sunan Ghajini ya fito.

Kafin in ci gaba da labarin, ga sauran alamomin da suke aiki a Google, tunda ba kowane nema yake ƙarewa da wuri haka ba. Alamar zance tana tilasta wa injin ya kawo kalmomin a jere yadda ka rubuta su. Kalmar `OR` da manyan baƙaƙe tana ba shi zaɓi idan ba ka tabbata ba, misali ko jirgin ƙasa ne ko bas. Kalmar `site:` kuma tana tsare shi a shafi guda, kuma ita na fi amfani da ita, domin tana raba ka da tarkacen shafukan talla:

```
site:en.wikipedia.org film plot lighthouse keeper (daughter OR niece) smugglers
```

Wikipedia ta fi dacewa da wannan saboda sashen labarinta yakan faɗi komai har ƙarshe, da wanda ya mutu da wanda ya ci amana, alhali bayanin da kamfani yake sakawa don talla ɓoye waɗannan yake yi, kuma sau da yawa su ne ainihin abin da ka tuna. Idan kuma ka lura Google yana watsar da wasu kalmominka yana kawo abin da ya ga dama, ka shiga `Tools` ka zaɓi `Verbatim`, zai daina yi maka gyara.

Idan bugu uku ko huɗu ba su kawo komai ba, kada ka ƙara kalmomi, ragewa za ka yi. Yawanci kalma ɗaya ce a ciki take ɓata lissafi, wata da ka tuna ba daidai ba. Ka riƙa cire ɗaya kana sake bugawa, har ka ga wadda cire ta ya buɗe hanya. Sau da yawa dangantaka ce: ka ce matarsa, ashe budurwarsa ce, ka ce ɗansa, ashe ƙaninsa ne. Launi ma yana yawan yin haka.

Idan zance ka tuna

Layin da wani ya furta a fim yana da ƙarfi a nema, amma mutane ba sa riƙe shi daidai. Mashahurin misali shi ne na The Empire Strikes Back na 1980, wanda duniya take maimaita layinsa da cewa `Luke, I am your father`, alhali a fim ɗin da kalmar `No` ya fara, ba da sunan Luke ba. Idan layin da miliyoyin mutane suka ji ya karkace haka, ina ga wanda kai kaɗai ka ji sau ɗaya. Don haka kada ka sa doguwar jimla a cikin alamar zance, kuskuren kalma ɗaya zai sa a ce maka babu. Ka ɗauki ’yan kalmomin da ka fi amincewa da su, inda kake shakka ka sa tauraro ya tsaya a madadin kalmar:

```
"never trust a * with a map" movie quote
```

Akwai shafuka irin su QuoDB da suke bincike a cikin rubutattun zantukan finafinai, su nuna maka fim ɗin da minti nawa aka faɗi layin. Amma duk wannan ya rushe idan fim ɗin fassararre ka kalla, wanda aka ɗora wa wata murya. Mai fassara ba ya bin kalma da kalma, wani lokaci ma barkwancin da ya fi zauna maka a kai nasa ne, babu shi sam a asalin fim ɗin. Haka sunan: fim ɗin da aka fassara ko aka kai wata ƙasa yakan sami sabon suna da ba shi da alaƙa da na asali. Idan kana da irin wannan suna, ka gwada shi duk da haka, domin a IMDb kowane fim yana da sashen `Also known as` mai jera sunayensa na ƙasashe, kuma nema da ɗayansu yakan kai ka ga na asali. Sunan da masu fassara na bayan fage suka raɗa ne kawai ba za ka tarar a can ba.

Fuska ba suna

Idan ka san ɗan wasa ɗaya tabbas, aikin ya zo da sauƙi: buɗe jerin finafinansa a IMDb ko Wikipedia, ka yanke shi da rufin shekararka, ka karanta labarin waɗanda suka rage. Idan fuskar kawai ka sani, ka tuna wani fim da ka taɓa ganinsa a ciki wanda ka san sunansa, ka buɗe cikakken jerin ’yan wasan wancan, ka bi hotuna har ka gane shi. Shawarata a nan, ka fi bin ƙananan ’yan wasa a kan jarumi: mugu, ko mai ban dariya, ko wanda kullum yake fitowa a uba ko ɗan sanda. Fuskokinsu na daban ne, ba a cika musanya su da wasu ba.

Idan ka gane mutum biyu, ka kusa gamawa, domin ’yan wasa biyu ba su cika haɗuwa a finafinai masu yawa ba. IMDb tana ba kowane mutum lamba mai farawa da `nm`, tana nan a adireshin shafinsa. Ka kwafi ta mutum biyun ka jera su haka, za a kawo maka finafinan da suka fito tare kawai:

```
imdb.com/search/title/?role=nmXXXXXXX,nmYYYYYYY
```

A wannan shafin na `Advanced search` za ka iya kuma tace nema da shekaru, da ƙasa, da harshe, da `Keywords`, wato kalmomin da masu amfani da shafin suka liƙa wa kowane fim, irin su tagwaye ko mantuwa ko jirgin ruwa. Biyu ko uku za ka haɗa. Ka sani dai cewa finafinan Amurka da suka shahara suna da ɗaruruwan irin waɗannan kalmomi, ƙaramin fim daga wata ƙasa kuwa wataƙila biyar gare shi ko babu ko ɗaya. Rashin fitowarsa a nan ba hujja ba ce cewa babu shi.

Inda muka kusa yin kuskure

Mu koma ga Ghajini. Ƙanwata na jin sunan ta yi ihu ta ce shi ne. Hotunan da suka fito duk na Aamir Khan ne da askakken kai da tabo, ga rubutu a ƙirji. Labarin ya yi daidai: attajiri mai kamfanin waya, an buge shi da ƙarfe a ka, ba ya riƙe sabon abu fiye da minti goma sha biyar, yana neman wanda ya kashe masoyiyarsa. Har yarinyar mai ƙaryar saurayi tana nan, Asin ce ta fito a matsayin. Ta ce, “Yaya, ka gani ko, na ce maka shi ne.”

Na ce ta dubi saman takardarta. Fim ɗin Aamir Khan a Disamban 2008 ya fito. Ita kuwa a 2007 ta kalla. Ɗayan biyu ne: ko ta yi kuskuren shekara, ko ba wannan ta kalla ba. Irin wannan saɓani shi ne abin da bai kamata ka share ba don murna ta kama ka.

A shafin kowane fim a IMDb akwai sashen `Connections`, inda ake nuna ko an sake yin fim ɗin, ko shi ne maimaicin wani, ko yana da ci gaba. Sakin layin farko na Wikipedia ma yakan faɗa. Da muka duba sai ga shi: Ghajini biyu ne. Na farko da harshen Tamil aka yi shi a 2005, Suriya ne jarumi. Na 2008 da harshen Hindi maimaicinsa ne. Darakta ɗaya ne ya yi su, A. R. Murugadoss. Jaruma ɗaya ce, Asin. Har mugun mutum ɗaya ne ya fito a duka biyun, Pradeep Rawat. Ka ga ko da mun yi dabarar haɗa ’yan wasa biyu, da duka finafinan za ta kawo mana, ba za ta raba gardama ba.

A nan abin da muka ajiye ya yi ranarsa. A na Tamil, Pradeep Rawat mutum biyu ya fito, tagwaye. A na Hindi an mayar da mugun mutum ɗaya, aka kuma ba shi sunan Ghajini. Ƙanwata ta tuna miyagu biyu masu kama ɗaya tun kafin mu buga komai, kuma ba mu yi nema da wannan ba, ballantana a ce binciken ne ya cusa mata shi. Shekara ta nuna na 2005, tagwaye sun nuna na 2005. Aamir Khan kuwa daga baya ya shigo tuninta: fastocinsa da hotunan askinsa sun bazu sosai bayan 2008, har suka rufe fuskar Suriya a kanta. Don ta ƙara gamsuwa na sa ta saurari waƙoƙin duka biyun, tunda na Tamil Harris Jayaraj ne ya yi kiɗansa, na Hindi kuma A. R. Rahman. Waƙar farko ta na Tamil ba ta yi nisa ba ta fara bin ta.

Wannan matsala ta maimaici ta fi yawa a finafinan Indiya, inda labari ɗaya yakan fito da Tamil da Telugu da Hindi cikin ’yan shekaru, amma tana ko’ina: finafinan tsoro na Japan da Koriya da yawa an sake yinsu a Amurka. ’Yar’uwarta kuma ita ce haɗa fim biyu a kai, musamman na ɗaya da na biyu, ko biyu da ka kalla a dare guda. Alamarta ita ce ka sami fim da ya dace da rabin takardarka daidai wa daida, sauran rabin kuma babu ko ƙamshinsa. Idan ka ga haka, kada ka jefar da fim ɗin. Ka ɗauki rabin da ya rage ka yi masa nema na daban, kamar wani fim ne, domin mai yiwuwa wani fim ɗin ne.

Idan kana da hoto, ko guntun bidiyo, ko kiɗa

Wani lokaci ba tuni ne kawai a hannunka ba, guntun bidiyo ne na daƙiƙa talatin da wani ya tura ba suna. Ka tsayar da shi ka ɗauki hoton allo, ka ba Google Lens ko TinEye ko sashen hotuna na Yandex. Wurin da ka tsayar shi ne komai. Ka zaɓi inda fuska take fuskantar kyamara cikin haske, ko inda aka nuno wani gini ko fili gaba ɗaya, ba tsakiyar faɗa ba inda komai ya dushe. Ka yanke duk rubutu da tambarin da mai turawa ya ɗora, in ba haka ba injin zai bi rubutun ya kawo maka wasu bidiyoyin mutumin. Masu ɗora irin waɗannan guntaye sukan juya hoton, dama ta koma hagu, don kauce wa masu haƙƙin mallaka. Idan ka ga rubutun allon shago ko lambar mota a juye, ka juya hoton ya koma daidai kafin ka nema. Ka gwada wurare uku ko huɗu daban-daban, domin injin ya fi gane wuraren da suka yi kama da hotunan da kamfanin fim ya saki don talla.

Kiɗa kuma, manhajar Shazam tana gane shi idan ainihin sautin ne kuma babu surutu a kai. Ka nemi inda ’yan wasa suka yi shiru. Idan a kanka kawai waƙar take, manhajar Google tana da wurin neman waƙa da za ka yi mata gunjin karin da bakinka na ’yan daƙiƙu. Ya fi aiki da waƙa mai amshi da ta shahara, kiɗan da ke tafiya a ƙarƙashin fim kuwa da wuya ya kama shi. Idan ka sami sunan waƙar Indiya, ka sami fim ɗin ke nan, tunda yawancinsu don fim guda aka yi su. Idan waƙar Turanci ce da finafinai da yawa suka ara, shafin Tunefind zai jera maka inda aka sa ta.

Akwai kuma wani abu da ake mantawa saboda sauƙinsa. Idan a waya ko kwamfuta ka kalli fim ɗin cikin ’yan shekarun nan, wataƙila sunan yana nan a tarihin kallonka na YouTube ko na manhajar da ka yi amfani da ita, ko a `myactivity.google.com` idan ba ka kashe ajiyar tarihi ba. Ka tace da watan da kake zato ka bi a hankali.

Idan duk wannan ya ƙi, sai aikin jaki, kuma yana ci fiye da yadda ake zato. Wikipedia tana da jerin finafinan kowace shekara na ƙasashe da harsuna da dama. Ka ɗauki shekarar rufinka ka riƙa komawa baya, kana karanta sunaye da ’yan wasa. Mutum ya fi iya gane suna idan ya gan shi a kan ya tono shi da kansa, shi ya sa sunan da ya ƙi zuwa shekara goma yakan yi tsalle daga cikin jeri ya kama idonka. Idan kuma za ka tambayi mutane, ka ba su takardar nan yadda take, gida na farko daban, na biyu daban, da shekarar da ka kalla, da sunayen finafinan da ka riga ka gwada ba su ba ne, don kada mutum goma su sake kawo maka Memento. Abu ɗayan nan da ka ajiye kuwa, su ma kada ka gaya musu, sai wani ya kawo suna ka gwada shi da shi.